Yadda Ake Tace Ɗanyen Man Gyaɗa: Daga Cire Danƙo Zuwa Cire Wari

Masu matsar gyaɗa a Jos da Bukuru sun sha tambayar yadda za su mai da ɗanyen mansu ya zama garau, marar ƙamshi, wanda ba ya kumfa a kasko, irin wanda masu gidajen burodi da otal suke nema. Wannan jagorar ta ƙaramar matata ce mai aiki tanki-tanki. Duk lissafin da ke ciki an ɗora shi a kan kilo 1,000 na ɗanyen mai, wato kusan lita 1,100, ko jarka 44 mai lita 25. Idan tankinka ya fi haka ko bai kai ba, sai ka raba ko ka ninka.

Matakan suna da jeri, kuma ba a tsallake ɗaya. Abin da ka bari a matakin farko, a mataki na gaba za ka biya kuɗinsa.

1. Kayan aiki

Kana buƙatar tanki mai tsinin gindi da famfo a ƙasa, mai injin juyi da za a iya rage wa gudu, da bututun tururi a ciki don ɗumama mai. A nan za a cire danƙo, a zuba soda mai ƙuna irin ta yin sabulu, a yi wanki. Sai rufaffen tanki na biyu da ake zuƙe wa iska don busarwa da bilicin, wato cire launi, sai filta mai faranti da ƙyalle, sai tukunyar cire wari ta ƙarfe marar tsatsa, da boila, da injin zuƙe iska. Na gwaji kuwa: sikeli mai auna giram, bututun gilashi mai lamba na ɗiga ruwan gwaji, ma'aunin zafi da ke kai digiri 300, itanol da finoftalin, sinadarin gwaji da ke komawa launin ruwan hoda idan ya haɗu da soda.

Gargaɗi: kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa mai ko'ina, ko da kan famfo ne. Ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu ya isa ya sa mai ya yi warin tsufa da wuri.

2. Tace tunkuza, auna asid

Bar man ya kwana, sannan ka bi da shi ta filta don fitar da ɓurɓushin tunkuza. Daga nan sai gwajin da duk sauran aikin ya dogara a kansa: auna asid ɗin da ya ɓalle daga jikin mai, wanda takardar gwaji ke rubutawa FFA. Shi ne ke sa mai maƙaƙi a maƙogwaro da saurin hayaƙi a kan wuta. Gyaɗar da ta sha danshi a buhu, da man da ya daɗe a duro, su ne suka fi yawansa.

Auna giram 10 na mai, ka zuba masa mililita 50 na itanol mai ɗumi wanda aka riga aka kashe asid ɗinsa, da ɗigo uku na finoftalin. Ka riƙa ɗiga ruwan soda mai ƙarfin 0.1 N kana kaɗawa, har launin ruwan hoda ya fito ya tsaya daƙiƙa 30. Sai ka lissafa, inda mL shi ne yawan ruwan sodar da ka ɗiga, N ƙarfinsa, g kuma nauyin man:

```
FFA % = (mL × N × 28.2) ÷ g
(7.1 × 0.1 × 28.2) ÷ 10 = 2.0
```

A misalinmu gwajin ya sha mililita 7.1, don haka asid ɗin kashi 2 cikin ɗari ne.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Man da aka matso daga tsabtatacciyar gyaɗa, asid ɗinsa bai kai kashi 1 ba, mai ƙamshi, yana da masu sayensa a haka, kuma tacewa za ta kashe ƙamshin da suke biya dominsa. Man da aka soya ƙuli-ƙuli a cikinsa kuwa wuta ta riga ta kama launinsa, hodar bilicin ba ta fitar da shi sosai. Kada ka haɗa shi da man inji a tanki ɗaya.

3. Cire danƙo

Danƙon nan shi ne ke kwanciya a gindin jarka, shi ne kuma ke kumfa ya ƙone a kasko. Wani ɓangarensa ruwa kaɗai ke fitar da shi, wani kuma sai an fara sassauta shi da asid.

Ɗumama man zuwa digiri 70. Auna kilo 1 na fosforik asid irin na abinci mai ƙarfin kashi 85, ka sirka shi cikin lita 4 na ruwa, ka zuba a hankali injin yana juyi da sauri. Bayan minti 15 zuwa 20, rage gudun injin, ka yayyafa lita 20 zuwa 25 na ruwan da ya ɗan fi man zafi. Ci gaba da juyi a hankali minti 30. Za ka ga ƙananan gudaji masu ruwan ƙasa suna yawo. Kashe injin, ka rufe tankin awa 4 zuwa 6, sannan ka buɗe famfon ƙasa ka zubar da danƙon har sai mai ya fara biyowa.

Gargaɗi: asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kuma ruwan sanyi ko ruwan da ya yi yawa yana sa mai da ruwa su cakuɗe su ƙi rabuwa.

Don tabbatarwa, ɗebi kaɗan a kwalbar gwaji ka kai shi digiri 280, nesa da fuska. Idan ya tsaya garau, danƙo ya fita. Idan ya yi duhu ko baƙin ɓurɓushi ya kwanta, sake zagayen ruwa.

4. Kashe asid da soda

A wannan matakin ne ake cin riba ko a tafka asara. Soda tana haɗuwa da asid ɗin su zama sabulu, sabulun ya kwanta ƙasa, ya tafi da sauran danƙo da wani ɓangare na launi. Amma soda ba ta tsayawa a kan asid kaɗai. Idan ta yi yawa, ko ta yi ƙarfi, ko man ya yi zafi lokacin zuba ta, sai ta koma tana mai da lafiyayyen man sabulu. Shi ya sa mai auna ta da gwangwani ba ya gane inda kuɗinsa ke tafiya.

Sake gwajin asid bayan cire danƙo, domin ragowar fosforik za ta ci nata rabon sodar. A ce an sake samun kashi 2. Kowane kilo na asid yana buƙatar giram 142 na soda, kuma ana ƙara kashi 10 zuwa 20 a kai don aikin ya kammala:

```
1000 × 2% = 20 kg
20 × 0.142 = 2.84 kg
2.84 × 1.15 = 3.3 kg
```

Narkar da kilo 3.3 na soda cikin lita 27 na ruwa. Wannan zai ba ka ruwan soda mai ƙarfin kusan kashi 11, wanda ya dace da mai irin wannan. Man da asid ɗinsa ya haura kashi 3 yana son ruwan da ya ɗan fi haka ƙarfi, kashi 13 zuwa 14, don sabulun ya taru da kyau.

Gargaɗi: soda tana ɗaukar zafi da kanta idan ta shiga ruwa. A haɗa ta tun da wuri ta huce, a cikin roba mai kauri ko ƙarfe marar tsatsa, ban da alminiyom, domin tana cinye shi. Safar hannu da tabarau dole ne, da bokitin ruwa a kusa. Idan ta faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti.

Bar man ya sauko digiri 35 zuwa 40. Kunna injin da sauri, ka yayyafa ruwan sodar a duk faɗin saman man cikin minti 5 zuwa 10, ba a wuri ɗaya ba. Man zai rikiɗe ya yi fari-fari. Ci gaba da juyi minti 15, sannan ka rage gudu sosai, ka buɗe tururi zafi ya riƙa hawa kamar digiri ɗaya a minti, zuwa 60 ko 65.

Daga nan aikin na ido ne. Tsoma ludayi ka ɗaga a haske. Da farko ruwan duk ɗaya ne, a dagule. Can sai ka ga ya tsinke kamar kindirmon da ya saki ruwa: gudajin sabulu suna haɗuwa suna girma, tsakaninsu kuma mai garau yana bayyana, in ka riƙe ludayin shiru sai gudajin su nutse. Da ka ga haka, rufe tururi, kashe injin. Ƙarin juyi na minti biyar zai farfasa gudajin su koma ƙanana, su ƙi kwanciya. Idan zafi ya wuce misali kuma, sabulun yana iya tasowa sama maimakon ya nutse.

Idan an kai digiri 65 bai tsinke ba, yayyafa lita 10 zuwa 20 na ruwan gishiri mai zafi, mai gishiri kashi 10, ka ɗan juya. Yawanci yana raba su.

Bar shi awa 6 zuwa 8 a rufe. Tsakanin Disamba da Janairu sanyin daren Jos yana saukar da zafin tanki da sauri, man ya yi kauri, sabulun ya daskare a tsinin gindi ya toshe famfo. A naɗe tankin da abin riƙe zafi, a kuma tsara aikin yadda za a zubar da sabulun da rana. Sabulun da ya fita ba shara ba ne, masu yin sabulun wanki suna saye. Duba shi da kyau: idan ka matsa da yatsa cikin safa mai yana tsattsafowa da yawa, akwai gyara a yadda kake juyi ko a ƙarfin sodar.

Gwada asid kuma. Ana so ya sauka zuwa 0.1 ko ƙasa da haka.

5. Wanki da busarwa

Kai man digiri 80 zuwa 85, ka yayyafa lita 100 zuwa 150 na ruwan da ya kusa tafasa. A Jos ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96 saboda tudu, kada ka jira ma'auni ya nuna 100. A wankin farko kada ka kunna injin ko kaɗan, domin sabulu yana da yawa kuma juyi zai dama shi da man. Bar shi awa ɗaya, zubar da ruwan, ka maimaita sau biyu ko uku da ɗan juyi. Ɗiga finoftalin a ruwan wankin ƙarshe: idan bai yi ruwan hoda ba, an gama.

Gargaɗi: ruwan rijiya ko na burtsatse da ba ya kumfa da sabulu yana mai da sabulun da ke cikin man ya zama irin wanda ba ya wankuwa. Ruwan da tururin boila ya koma shi ne mafi kyau.

Tura man zuwa rufaffen tanki, ka zuƙe iska, ka kai shi digiri 90 zuwa 100 har kumfa ta daina tashi a tagar gilashi. Ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi bai kamata ya yi ƙara ba.

6. Bilicin

Hodar bilicin yumɓu ce da aka sarrafa da asid. Tana tsotse launi, da ragowar sabulu, da ƙarfen da ya narke a mai. Ita da sodar su ne kuma ke fitar da mafi yawan gubar afulatoksin da ke biyo gyaɗa mai hunhuna, kodayake wannan ba hujja ba ce ta sayen ruɓaɓɓiyar gyaɗa, tun da gubar tana nan a tunkuzar da za a ba kaji.

Ga man gyaɗar da aka wanke da kyau, kilo 10 na hoda, wato kashi 1, ya kan isa. Mai duhu yana iya cin kilo 15 zuwa 20. Kafin ka buɗe buhu, gwada a kofuna uku na giram 200 da hoda giram 1 da 2 da 3, ka tace, ka jera su a haske, ka zaɓi mafi ƙarancin da ya ba da launin da kake so. Ƙarin hoda ba kyauta ba ne: kowane kilo uku nata yana tafiya da kusan kilo ɗaya na mai.

Dama hodar da ɗan mai, ka bar injin zuƙe iska ya ja ta cikin tanki man yana digiri 80 zuwa 90. Kai shi 100 zuwa 105, a juya minti 20 zuwa 30. Wuce haka ba ya ƙara haske, sai ma launi ya fara dawowa asid ya hau. Sauke zafi zuwa 70 ko 80 kafin iska ta shiga, sannan a tura filta. Man farko zai fito a dagule. A mayar da shi tanki har hodar ta yi shimfiɗa a kan ƙyallen, man ya fito tas. Ɗan ɓurɓushin hoda da ya tsallake zuwa tukunyar cire wari zai ɓata launin tankin gaba ɗaya.

Idan hoda ta ƙi aiki, kafin ka zargi mai sayar da ita, duba sabulu da ruwa. Su ne ke toshe ta, su ne kuma ke sa filta ta cushe da wuri.

Gargaɗi: hodar da aka gama aiki da ita tana kama wuta da kanta idan aka tara ta da zafinta. A fitar da ita waje nan take, a baza ta, a jiƙa ta da ruwa, nesa da buhunan gyaɗa da tunkuza.

7. Cire wari

Abubuwan da ke ba mai ƙamshi da wari suna tashi ne idan man ya yi zafi sosai, babu iska a kansa, tururi kuma yana ratsa shi daga ƙasa. Dole ukun su haɗu. Mai a digiri 220 da iska ta same shi, nan take zai yi duhu ya lalace, yana ma iya kamawa da wuta.

Cika tukunyar rabi kawai, domin man yana tashi yana fantsama. Fara zuƙe iska tun yana da sanyi, sannan a ɗora zafi. Idan ya kai digiri 100 zuwa 120, buɗe ɗan tururi ya riƙa juya shi. Kai shi digiri 210 zuwa 230, ka ƙara tururi har man ya riƙa birkicewa da kyau a tagar gilashi ba tare da ya bi bututun sama ba, ka riƙe shi awa 4 zuwa 6. Jimillar tururin kan kai kilo 50 zuwa 100. Tururin ya zama busasshe: a fara zubar da ruwan da ya taru a bututu kafin a buɗe, in ba haka ba ruwa zai faɗa cikin mai mai zafi ya yi bori.

Maganar ma'aunin iska tana rikita mutane da yawa a nan. Takardar injin da aka shigo da shi za ta ce allura ta kai 750 ko 755 a ma'aunin milimita na zaiba. Wannan lissafin bakin teku ne, inda nauyin iska yake 760. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, nauyin iskarta kusan 655 ne, kuma allura ba za ta taɓa wuce wannan ba ko da injin sabo ne fil. Abin da ake nema shi ne iskar da ta rage a cikin tukunya kada ta wuce milimita 5 zuwa 10. A Jos ke nan allura ta tsaya wajen 645 zuwa 650. Na busarwa da bilicin kuwa 580 zuwa 600 ya wadatar. Wanda bai san wannan ba zai yi ta kwance lafiyayyen inji. Mafi muni shi ne wanda ya saba ganin 600 ya ɗauka tudu ne, alhali tukunyarsa ce ke yoyon iska. Ma'aunin da ke nuna ainihin iskar da ta rage a ciki yana kashe wannan ruɗanin, kuma ya cancanci kuɗinsa. Injin zuƙe iska mai aiki da ruwa shi kaɗai ba ya kai wannan matsayin, sai an haɗa masa mai aiki da tururi a gabansa.

Kafin kowane zagaye, zuƙe iskar tukunyar tana wofi, rufe duk famfuna, ka duba allura bayan awa ɗaya. Idan ta sauka sosai, nemi yoyon a bakin murfi, tagar gilashi da kan famfuna.

Gargaɗi: kada ka rama raunin zuƙe iska da ƙarin zafi. Sama da digiri 240 na tsawon awanni yana haifar da wani kitse mai cutarwa da ake kira tirans, kuma dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi ga giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai.

Idan lokaci ya cika, a sauke zafi injin zuƙe iska yana ci gaba da aiki. A wajen digiri 120, bar shi ya ja giram 50 zuwa 100 na sitirik asid da aka narkar a ɗan ruwa, don ya ɗaure ragowar ƙarfe. Rufe tururi, ka ci gaba da sanyaya man. Kada a buɗe wa iska sai ya sauko ƙasa da digiri 60. Ɗanɗana shi da ɗumi: man da ya yi daidai ba shi da ɗanɗanon komai. Ƙamshin gyaɗa na nufin lokaci ko tururi bai isa ba, ɗanɗanon ƙuna kuwa iska ce ta shiga.

Mai son yin manja a wannan injin ya sani cewa hanyarta daban ce. Asid ɗinta ya kan kai kashi 3 zuwa 5, na kasuwa ma ya fi haka, don haka soda za ta cinye mai da yawa. Manyan matatu suna zuba fosforik, su yi bilicin, sannan su fitar da asid ɗin da tururi a digiri 250 zuwa 260, inda zafin ke kashe jan launin. Ƙaramar tukunya mai raunin zuƙe iska ba za ta iya wannan ba.

8. Bitamin da ɗurawa

Doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girkin da za a sayar a Najeriya, IU 20,000 a kowane kilo, wato IU miliyan 20 a tan ɗaya. IU shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin. Duba ƙarfin da aka rubuta a jikin galan ɗin bitamin ɗin ka raba: idan IU miliyan ɗaya ne a kowane giram, giram 20 ke nan, da ɗan ƙari saboda abin da zai ragu a ajiya. A fara dama shi cikin lita 10 na mai, sannan a juye cikin tanki man yana digiri 40 zuwa 50, a juya minti 30. Haske yana kashe shi, don haka jarka marar nuna ciki ta fi, sabuwa, busasshiya, a cika ta har wuya. Rajistar NAFDAC da cika ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta SON suna gaba da kai kaya kasuwa.

9. Lissafin kuɗi

Babban kuɗin tacewa shi ne man da ya tafi, ba sinadarai ba. A misalinmu, idan aiki ya tafi daidai, danƙo zai ci kilo 10 zuwa 15, soda da wanki su ci 40 zuwa 50, wato ninki biyu na asid ɗin ko ɗan fiye, hoda ta ci 3 zuwa 4, cire wari ya ci kusan 4. Abin da zai rage ya kan faɗa tsakanin kilo 927 da 943.

A ce, don sauƙin lissafi, ka sayi ɗanyen man naira 2,000 kowane kilo, ka fitar da kilo 935. Naira miliyan 2 a raba 935 ya ba da kusan 2,140. Kowane kilo ya hau da naira 140 ke nan tun kafin ka sa kuɗin soda, hoda, bitamin, dizal, makamashin boila, jarka da leburori. Cire abin da ka samu daga sayar da sabulu. Ƙarin kashi 1 na asid a ɗanyen mai yana nufin asarar kusan kilo 20 a tan, don haka man da ya auna kashi 4 bai kamata a biya shi kuɗin wanda ya auna 2 ba. A gwada kowane duro kafin a yi ciniki, a kuma auna tanki da sanda mai lamba bayan kowane mataki a rubuta a littafi, don idan kilo 30 suka ɓace a san ko soda ce ta ci ko filta.